Na tsaya wa aminiyata ta ci bashi, yanzu banki yana yankar albashina

Assalamu alaikum Anti. Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Ina da aminiya, shekara 14 muna tare, ko 'yar uwar da muka fito ciki ɗaya ba ta san sirrina kamar yadda ta sani ba. Bara ta zo har ɗakina tana kuka, ta ce jarinta ya karye, banki zai ba ta bashin dubu 600 amma sai ta kawo mutum biyu da za su tsaya mata, ɗaya kuma dole mai albashi. Ta ce sa hannu ne kawai, ko ƙwandala ba za a taɓa mini ba. Ni da yayanta muka sa hannu. Za ta riƙa biyan dubu 60 duk wata har wata 12.

Wata biyar ta biya, daga nan ta daina. Ni ban ma sani ba, sai da albashina ya shigo na ga an zare dubu 95 daga cikin dubu 150. Na je bankin, aka miƙo mini takarda wai ana bin mu dubu 810. Mu! Ni da ban ci ko sisi ba. Na kira ta ya fi sau talatin, ba ta ɗauka. Na tura saƙo, ta karanta ta yi shiru. Amma kullum ga hotunanta tana sakawa, sabon kaya, sabuwar jaka, tana murmushi kamar ba ta san ni ba. Shekara 14 fa, Anti. Lokacin da take ganin kasuwa ta buɗe ma ni ta fara kira da murna ta ce bankin sun ƙara mata wani abu a kai saboda tana biya da kyau, na taya ta murna har da addu'a. Wannan ce yau ba ta ɗaga wayata.

Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba, cin amanar ne. Mijina bai san na sa hannu ba. Kuma me ya sa ba su kama yayanta ba sai ni? Ni ce marainiyar wayonsu? In je gidansu in tona mata asiri, ko in bar ta da Allah? Shekara 14.

Daga wata ma'aikaciya

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya yaye miki. Ban ji ta bakin aminiyarki ba, saboda haka ba zan yanke mata hukunci ba, duk da dai wadda ta ga kira talatin ta kasa ɗaga ɗaya ta riga ta faɗi nata bayanin. Amma ki ajiye maganar hotuna da jaka tukuna. Akwai jumla ɗaya da kika wuce ta da gudu a wasiƙarki, ita ce ta tsayar da ni: an ƙara mata wani abu a kai.

Zo mu yi lissafi. Dubu 60 sau 12 ya kama dubu 720, wato uwar kuɗi da kuɗin ruwa gaba ɗaya. Ta biya wata biyar, dubu 300. Saura dubu 420. To ina aka samo dubu 810? Tsakaninsu akwai dubu 390, kuma da wuya tarar jinkiri ta 'yan watanni ta kai haka. Mafi yawan wannan kuɗi, ina kyautata zato, ƙarin nan ne da kika taya ta murna a kansa. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: kin sa hannu a kan ƙarin? Ba ki faɗa ba. Ba ki kuma faɗa mini ko kina da kwafin takardar da kika sa wa hannu ba, kuma daga yadda kika rubuto na san ba ki da shi.

Takardar tsayawa iri biyu ce. Akwai wadda aka ƙayyade: an rubuta cewa kin tsaya wa bashi kaza, iyakar abin da za a nema a hannunki kaza. Idan irinta ce taki, bashin farko ne a wuyanki, da abin da takardar ta ambata na kuɗin ruwa da tara, ƙarin kuwa tsakaninta da banki ne. Har ma a dokokin ƙasashe da yawa, idan mai ba da bashi da mai ci suka sauya yarjejeniya sauyi mai nauyi ba tare da amincewar wanda ya tsaya ba, wanda ya tsaya yana iya kuɓuta daga lamunin. Bankuna sun san da haka sarai, shi ya sa suka fi son iri na biyu, wadda ke cewa kin tsaya wa duk abin da ake bin mutum yanzu da wanda za a bi shi nan gaba, kuma kin yarda a ƙara masa ko a tsawaita masa lokaci ba sai an tuntuɓe ki ba. Idan wannan kika sa wa hannu, ranar da kike taya ta murna bashinki kike yi wa addu'a. Layi biyu ko uku ne a cikin takardar za su nuna wanne ne naki, kuma su ne bambancin dubu 420 da dubu 810.

Saboda haka kafin ki taka gidan kowa, ki taka banki. Ki rubuta takarda, kada ki tsaya ga maganar baki, ki nemi abu uku: kwafin yarjejeniyar da kika sa wa hannu, cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar farko wanda ya nuna ranar ƙarin da adadinsa, da kuma yadda aka lissafa tarar. Ki riƙe kwafin takardarki da hatiminsu a kai. A cikin wannan takardar ki sanar da su cewa daga yau ba ki tsaya wa wani sabon bashi da za a ba ta ba. Wannan ba zai sauke miki abin da ya riga ya hau ba, amma zai rufe ƙofar gaba. Sannan ki kai takardun wa lauya ya karanta. Kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai abin da aka zare miki a wata guda ba.

Ki kiyaye abu ɗaya da kyau. Za su iya cewa za su sassauta miki, su raba miki dubu 810 ɗin a hankali, ki sa hannu a nan kawai. Kada ki sa kafin lauya ya gani. Sabon sa hannu yana iya zama amincewa da kuɗin gaba ɗaya, har da ɓangaren da wataƙila ba naki ba ne. Idan an tantance abin da ke kanki na gaskiya, sannan a zauna a yi maganar rabawa, ki kuma roƙi a yafe tarar. Banki ya fi son kuɗi a hankali a kan shari'a mai tsawo, saboda haka roƙon ba wauta ba ne.

Kin tambaya me ya sa ke ba yayanta ba. Ba raini ba ne, sauƙi ne. Albashinki a hannunsu yake sauka. Yawancin irin waɗannan takardu suna ba banki damar ɗaukar abin da yake bin mutum daga asusunsa da ke wurinsu, suna kuma cewa ana iya neman kuɗin duka daga kowane ɗaya cikin masu tsayawa, ba rabi da rabi ba, ba kuma sai an fara kai mai bashin kotu ba. Wa zai bi mutumin da sai an yi cigiyarsa alhali ga mai albashi a gida? Sai dai kina da haƙƙi biyu da ba ki ambata ba, ina jin ba ki san da su ba. Duk abin da kika biya, kina da ikon nemansa daga aminiyarki, har gaban alƙali. Idan kuma kika biya fiye da kasonki, kina da ikon neman yayanta ya cike nasa. Dubu 95 ɗin nan bashi ne a kanta tun ranar da aka zare su. Ki adana shaidar kowane cirewa, da saƙonnin da ta karanta ta yi shiru, kada ki goge su cikin fushi.

Bari in juyo gare ku masu karatu, don wasiƙa irin wannan ba ta yanke mini. Ku daina yarda da kalmar nan ta "sa hannu ne kawai". Banki bai nemi mai tsayawa ba sai don bai gamsu mai karɓa zai biya ba. Masu sana'ar auna bashi sun duba sun ce ba su yarda ba sai da wani, kai kuma ka ce ka ji ka gani, ba tare da ka ga ko shafi ɗaya na cinikinsa ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya faɗi hukuncin a taƙaice, cewa wanda ya lamunce shi ne mai biya. In har sai ka tsaya, to ka sa a rubuta iyakar kuɗin da lambobi, ka ce a soke layin bashin gaba, ka karɓi kwafinka a ranar, ka kuma nemi a riƙa sanar da kai da zarar an tsallake wata ɗaya. In suka ƙi, ka ajiye biron. Ka sani kuma, muddin lamunin yana kanka, duk ranar da ka je neman bashi don kanka ana iya lissafa shi cikin nauyin da ke wuyanka, in kuma aka gaza biya sunanka na iya shiga rajistar masu taurin bashi tare da nasa. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: adadin da ba za ka iya bayarwa kyauta ka yi barci ba, kada ka tsaya masa. Ka ba aboki ɗan abin da za ka iya, ka ba shi haƙuri a kan sauran.

Na dawo gare ki, 'yata. Tonon asiri ba zai dawo da ko sisi ba, barinta da Allah kuma ba ya nufin ki bar haƙƙinki. Idan takardu sun zo hannu, ki samu dattijo ɗaya da take jin kunyarsa, a zauna da ita da yayanta, a rubuta nawa za ta riƙa mayar miki duk wata, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Idan ta ƙi zama, lauyan ya aika mata da takardar neman biya. Shekara 14 ɗin da kika maimaita sau uku, ita ma ta san da su lokacin da ta koma ta karɓi ƙari a kan sunanki.

Mijinki kuwa, ki faɗa masa yau da daddare, da bakinki, kafin albashi na gaba ya shigo da giɓi ya tambaye ki. Zai yi faɗa, kuma yana da gaskiya. Ki bari ya gama, sannan ki roƙe shi ya raka ki bankin.