Nawa zan sa wa wahalata a kayan da na saƙa da hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina saƙa bargon jarirai da huluna da kwarashi. Kuɗin zare na san shi, amma idan na zo kan aikin hannuna sai in rasa abin da zan sa, domin a gida nake yi, a lokutan da na samu sarari. Kaya suna fita, amma kuɗin ba sa taruwa. Yaya zan yi in yanke farashi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da zan fara roƙonki shi ne ki daina ƙiyasta lokaci da ka, ki auna shi. Wanda ke aiki a tsattsinke, rabin awa da safe, awa guda da dare, kusan kullum yakan ɗauka ya ɓata lokacin da bai kai na gaskiya ba, domin ƙananan zaman nan ba sa tsayawa a rai. Ki ajiye littafi kusa da kwandon zarenki na wata guda, duk lokacin da kika ɗauki kwarashi ki rubuta, idan kin ajiye ki rubuta. A wani shafi daban kuma ki rubuta lokacin da sana'ar ta ci ba tare da kina saƙa ba: zuwa sayen zare, ɗaukar hoton kaya, amsa saƙonnin masu tambayar farashi, kai kaya, da warware layin da aka yi kuskure a cikinsa. Wannan shafi na biyu shi ne yawanci inda kuɗin masu sana'ar hannu ke zurarewa, saboda babu wani bargo guda da za a nuna a ce shi ya ci lokacin.

Bari mu yi lissafi da lambobi na misali, ke kuma sai ki maye su da naki. A ce a ƙarshen wata littafin ya nuna awa 80, daga ciki awa 60 kina saƙa, awa 20 kuma a sauran hidimomi, kuma barguna huɗu kika gama. Ke nan kowane bargo ya ci awa 15 a kan kwarashi, amma a haƙiƙa awa 20 ya ci daga rayuwarki.

Sai batun da ya fi ba ki wuya, wato ladan awa guda. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ki cire kanki daga lissafin gaba ɗaya, ki tambayi kanki: da a ce aiki ya yi mini yawa, na nemi wata mai hannu irin nawa ta saƙa mini, nawa zan biya ta a awa har ta yarda ta dawo gobe? Mutum yakan ji nauyin sa wa kansa kuɗi, amma ba ya jin nauyin faɗin abin da ya dace a biya wani, kuma adadin da ya fito daga wannan tambayar shi ne ladanki. A ce ya kama 30 a awa. Awa 20 sau 30 ya ba da 600 a kowane bargo. Ki lura da cewa da awa 15 kawai kika lissafa, da 450 za ki samu, kin yi kyautar kashi ɗaya cikin huɗu na aikinki ba ki sani ba.

Akwai iyaka guda a nan da adalci ya wajabta. Lokacin da za a lissafa shi ne na hannun da ya goge a kan wannan zanen. Idan sabon zane ya ci miki awa 25 a karo na farko, a karo na huɗu kuma ya sauko 15, to 15 ɗin ce ta farashi, sai a ƙara mata awoyin sauran hidimomi, domin mai saye ba shi ne zai biya kuɗin koyonki ba.

Sauran kuɗaɗen ba su da wahala. Ƙullin zare shida a kan 50 ya kama 300, ki ƙara 30 na guntayen da suka rage ba su da amfani, da 20 na abin naɗewa, jimla 350, kuma ki yi amfani da farashin da za ki sake sayen zaren a yau, ba wanda kika saya a bara ba. Kuɗin mota da na waya da na sauya kayan aiki, a ce 200 a wata, idan aka raba wa barguna huɗu kowanne ya ɗauki 50. Idan aka haɗa 350 da 50 da 600, bargon ya tsaya miki a kan 1,000. Wannan ba riba a cikinsa ko kaɗan, domin lada na hannunki ne, riba kuwa ta sana'ar ce, da ita ake sayen zare da yawa a sari, da ita kuma ake jure bargon da aka yi oda aka fasa karɓa. Idan kika ɗora kashi 20 cikin ɗari, farashin ya zama 1,200.

Za ki ji ana cewa a ninka kuɗin zare da abin naɗewa sau uku kawai a huta. A wannan bargon dabarar za ta ba da 1,050, wanda bai yi nisa ba, amma dace ne kurum. Ki gwada ta a kan aikin siririn zare mai ƙananan ido, wanda zarensa 100 ne amma yana cin awa 25, sai ki ga farashin ya fito 300, abin da ya rage miki bai wuce 8 a awa ba.

Na san abin da za ki ce, cewa masu saye ba za su biya 1,200 ba, a 800 suke tsayawa. A nan ne lissafin ya fi amfani, domin ana iya juya shi ta baya. Daga 800 ki cire 350 da 50, saura 400, ki raba da awa 20, sai ki ga bargon yana biyanki 20 a awa maimakon 30. Ki yi wa hula irin wannan lissafin: a ce ana sayenta 120, zare da sauran kuɗi sun ci 40, tana cin awa biyu gaba ɗaya, to tana biyanki 40 a awa, ninki biyu na bargon, duk da cewa kuɗin bargon ne ke cika ido ranar da aka biya. Wannan ne ke sa a ga kaya suna fita amma kuɗi ba sa taruwa. Da wannan a hannunki, kina iya ƙara yawan huluna, ki mayar da bargo sai an yi oda an ba da kafin alƙalami, ko ki koma zare mai kauri da babban kwarashi don awoyin su ragu, sai dai ki sake lissafa zaren domin mai kauri ya fi tafiya da yawa. Idan kuma kin zaɓi ki ci gaba da sayar da bargon a 800 saboda shi ke jawo miki masu saye, ba laifi ba ne, muddin kin san nawa kike sadaukarwa a kowane guda.

Idan wata rana mai shago ya karɓi kayanki a kan zai cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da aka sayar, kada ki ɗora kashi 25 a kan 1,200, domin hakan zai ba da 1,500, idan ya cire nasa 1,125 ne zai iso hannunki. Abin da za ki yi shi ne ki raba 1,200 da 0.75, farashin shago ya zama 1,600, ya ɗauki 400, ke kuma ki karɓi 1,200 ɗinki cif.