Dala, tsayi da tsawo: inda santimita biyu suka ɓuya

"Malam, ina gaisuwa daga Tawa. Ɗiyata tana ajin da za su yi jarrabawar BEPC. An ba su wata sura mai gindi murabba'i da tsini a bisa, gefen gindin santimita 16, abin da suke kira apotem kuma 17, aka ce su nemo abin da cikinta zai ɗauka. Ta samu 1451, mushensu ya ja mata jan biro ya rubuta 1280. Ta ce mini ai apotem tsayi ne. To a Hausa tsayi da tsawo ba abu guda ba ne? Kuma wannan sura mene ne sunanta da harshenmu?"

Hajiya, ina amsawa. Bari in fara da sunan, don shi ya fi sauƙi. Dala ake ce mata. Na san a nan Nijar in aka ce dala, hankalin kowa kan kuɗi yake zuwa, tamma biyar ta sefa, har yaro ya ce a ba shi na dala biyar alhali 25 ce rubuce a jikin ƙarfen. Wannan dala ta kuɗi baƙuwa ce, daga sunan tsohon kuɗin azurfar Turawa ta fito. Dalar da muke magana a kai ita ce ta Kano, inda a zamanin cinikin gyaɗa ake jera buhuna a gindi mai faɗi, kowane sahu ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har a kai buhu guda a tsololuwa. Dalar gyaɗa ke nan. A ganina sunan dutsen Dala na cikin birnin aka ara mata, dutsen da aka yi wa karin maganar nan, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da wannan sunan ne kuma muke cewa dalar Masar.

Batun tsayi da tsawo shi ne mai nama. A bakin mutane kalmomin biyu suna shiga gonar juna, kuma ba laifi ba ne. Wani ya ce yaron nan ya yi tsawo, wani ya ce ya yi tsayi, duka an gane. Amma in kin bi kowace zuwa gidansu, za ki tarar danginsu daban. Tsayi ɗan gidan su tsaya ne, da tsayuwa, da a tsaye, shi ya sa muke cewa an yi tsayin daka. Abin da ya miƙe daga ƙasa zuwa bisa bai karkata ba, shi ke da tsayi. Tsawo kuwa bai damu da yadda abu yake ba, ko a kwance, ko a jingine, ko a naɗe: tsawon igiya, tsawon hanya, tsawon rai. Ki ɗauki tsani ki jingina shi ga katanga. Tsawon tsanin bai sake ba ko kin matso da gindinsa ko kin janye shi, amma tsayin da kansa ya kai a jikin katangar yana raguwa duk lokacin da kika janye gindin. Apotem ɗin dala tsani ne a jingine. Ni ina kiransa tsawon gangare, wato layin da ya taso daga tsololuwa, ya bi tsakiyar fuskar dala, ya sauka a tsakiyar gefen gindi. Tsayin dala kuwa a ciki yake, ido ba ya ganinsa. Da dalar fanko ce aka huda tsololuwarta aka zura zare da ɗan dutse a ƙarshensa, irin yadda magina suke duba miƙewar bango, dutsen zai sauka daidai cibiyar gindi. Tsawon wannan zaren shi ne tsayi, kuma shi kaɗai ne lissafin ciki yake so.

To ta yaya za a same shi tunda ba a ba da shi ba? Ki dubi inda ƙafar tsanin take, da inda dutsen ya sauka. Ɗaya yana tsakiyar gefe, ɗaya yana cibiya, tsakaninsu rabin faɗin gindi ne, wato 8 a aikin ɗiyarki. Zaren yana tsaye, 8 ɗin tana kwance, tsanin mai 17 ya haɗa bakunansu. An samu alwatika mai kusurwa miƙaƙƙiya ke nan, kuma a nan ne ƙa'idar Pitagor da suka koya take aiki. In harafin a ne gefen gindi, s tsawon gangare, h tsayi, V kuma abin da ciki zai ɗauka:

```
h² = s² − (a/2)²
V = (a² × h) / 3
```

17 sau 17 ya ba da 289. 8 sau 8 ya ba da 64. A cire 64 daga 289, saura 225. Sai a tambaya, wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 225? Ita ce 15. Tsayin dalar santimita 15 ne, ya gaza tsanin da biyu. Shimfiɗar gindi kuma 16 sau 16, wato 256. A ninka 256 da 15 a samu 3840, a raba uku, 1280. Ga amsar mushe. A ma'aunin gida, lita guda ce da kwata da ɗan ɗori, tunda ƙananan kumbuna 1000 masu santimita guda ta kowane ɓangare su ne lita.

Ɗiyarki ba ta yi kuskure a ninkawa ba, ba ta kuma manta rabawa uku ba. Ta sa 17 a gurbin 15 ne, 256 sau 17 ya ba ta 4352, ta raba uku ta samu 1451 in an cike ɗigon. Kama da wane ba wane ba ne. Santimita biyun nan sun ƙara mata 171, fiye da kashi goma cikin ɗari na amsar gaskiya.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, kuma a gaban yara. Wata rana a gida nan Yamai na so in nuna wa jikokina dalilin rabawa uku, don ba na son yaro ya haddace abin da bai gani ba. Na yanka kwali, alwatika huɗu, na liƙe su da salatif suka zama dala marar gindi, na kifa ta kamar mazurari. Na kuma haɗa akwati mai gindi daidai da nata. Na ce musu ku zuba ido, mazurari uku na gero za su cika akwatin nan fal. Muka cika, muka shafe baki da hannu, muka juye. Na biyu. Na uku. Sai ga akwati da sauran wuri a bisa, kamar faɗin yatsa da ɗan ƙari. Ƙaramar ta ce, Kaka, geron ne ya gudu? Geron bai je ko'ina ba. Da na zo auna bangon akwati, jikin alwatikar na ɗora wa ma'auni, na ba akwatin tsawon gangare a matsayin tsayi. Na sa reza na rage bangon zuwa ainihin tsayin mazurarin, muka sake, na uku ya kawo gero daidai baki. Ki gwada da ita a lambobinta: alwatika huɗu masu gindi 16 da tsakiya 17, akwati mai gindi 16 da 16 da bango 15. In ta bar bangon a 17, za ta ga santimita biyun da idonta, fanko. Wannan kashi ɗaya cikin uku tsohon sani ne, Girkawa sun kafa hujjarsa fiye da shekara 2000 da suka wuce, amma tiyar gero ta fi saurin shigar da shi kan yaro.

Akwai wani tarko da ya kamata ta sani kafin ranar jarrabawa, don dala tana da layi jingine iri biyu. Ban da wanda ya bi tsakiyar fuska, akwai wanda ya bi doron kusurwa, inda fuska biyu suka haɗu, daga tsololuwa zuwa kusurwar gindi. A lakwal aret suke ce masa, kalmar da a Faransanci take nufin ƙayar kifi ma. Shi ya fi tsawon gangare tsawo, domin ƙafarsa ta fi nisa da cibiya: kusurwa ta fi tsakiyar gefe nisa. Da a ce 17 ɗin nan ta doron kusurwa ce, ba 64 za a cire ba, ninkinta za a cire, 128. Saura 161, tsayi ya zama kusan 12.7, ciki kuma ya sauko wajen 1083. Lambobi iri guda a takarda, amsa daban. Saboda haka kafin ta taɓa lissafi ta duba zanen, ta ga inda ƙafar layin ta sauka, tsakiyar gefe ko kusurwa.

Wasu yaran kuma sukan manta raba gefen biyu, su cire 256 gaba ɗaya daga 289. Wannan yana ba da dala gajeruwa wadda tsayinta bai kai 6 ba. Da gefen ya fi tsanin tsawo, irin wannan mantuwa da kanta take tona kanta, don cirewar ba za ta yiwu ba. Amma a nan 16 ta gaza 17, lissafin yana tafiya sumul, yaro bai san ya ɓata ba. Abin da zai cece shi shi ne zana alwatikar nan ta ciki a gefen kaye, ya rubuta 8 a ƙasanta tun kafin ya fara. Ɗiyarki ta riƙe kuma cewa dole tsawon gangare ya fi rabin gefe. In an ce gefe 16 ne, gangare 8, fuskokin huɗu za su kwanta shamɓar a kan gindi, ba tsayi ba ciki. Ƙasa da 8 kuwa ba su ma haɗuwa a tsakiya.

In tana son ta gwada hannunta a kan babbar dala, ga ta Giza a Masar, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu. Gefen gindinta wajen mita 230 ne, tsawon gangarenta lokacin da take cikakkiya wajen mita 186. Rabin gefe 115. 186 sau 186 ya ba da 34596, 115 sau 115 ya ba da 13225, saura 21371, lambar da ke ba da wannan kuwa 146 ce da ɗan ɗigo. Haka tsayinta na asali yake, wajen mita 146, kafin duwatsun tsololuwarta su zube. Nan tazarar da ke tsakanin tsayi da tsawo ta kai mita 40. Sauran aikin na bar mata: 230 sau 230, sau 146, a raba uku. In ta samu abin da ya ɗara miliyan biyu da rabi kaɗan, ta yi daidai. In ta haura miliyan uku, ta sake hawa tsanin ne. Ki gaishe ta, ki ce ta aiko mini da abin da ta samu.