TSH ya hau amma T4 daidai yake: sai an sha magani?

Tambaya: Na yi gwajin jini, TSH ɗina 6.8, amma T4 yana daidai. Shekaruna 34. Dole ne in fara shan magani?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yi gaggawar fara magani da gwaji ɗaya. TSH saƙo ne da wata 'yar ƙaba a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙabar wuya, wato tayirod. Idan ya hau alhali T4, wato sinadarin da tayirod ke samarwa, bai faɗi ba, tayirod tana aikinta ne, sai dai da matsi. Sau da yawa kuma yakan sauko da kansa, musamman idan an gwada ki kina murmurewa daga wata rashin lafiya. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan wata biyu zuwa uku, a haɗa da gwajin TPO, wanda ke nuna ko garkuwar jiki ce ke taɓa tayirod ɗin.

Yawancin likitoci sukan ba da lebotirosin, maganin da ke cike gurbin sinadarin tayirod, kai tsaye ne idan TSH ya kai 10 ko fiye a gwaji biyu. A 6.8 sai a duba halinki: kasala mai tsanani, jin sanyi, maƙoƙo, ko TPO ya fito. Idan akwai, ana iya gwada maganin wata shida, in bai canza komai ba a daina. In babu, sa ido ya isa.

Abin da na fi so ki lura da shi a shekarunki shi ne ciki. In kina da juna biyu ko kina nema, hukuncin ya canza, ki ga likita yanzu, kada ki jira wata ukun.