Ƙin tayin haɗa jari ba tare da ɓata zumunci ba

"Wani abokin yayana ya ce mu haɗa jari mu riƙa saro atamfa a Kantin Kwari, ni in sa naira miliyan 2, shi ya riƙe shago. Ba na so yanzu, kuma ba na son mu ɓata. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, kada ka ce masa "zan yi tunani" sannan ka ɓuya. Jiran da zai yi shi ke kawo ɓacin rai, domin wataƙila har ya fara cinikin hayar shago da sunanka. Ka je gidansa da ƙafarka cikin makon nan, tunda ya girme ka. Saƙon waya raini ne.

Hujja ɗaya za ka kawo, ta gaskiya, wadda ta shafe ka kai kaɗai. In ka ce ba ka da kuɗi, gobe ya ji ka sayi fili, ka zama maƙaryaci. In kuma ka kushe tsarin, zai gyara ya dawo. Ka ce: "Yaya, na gode da ka ga na cancanta. Bana kuɗina na cikin harkar da nake yi, ba zan iya raba hankalina biyu ba."

Sai ka bi da tayin ƙaramin abin da za ka iya cikawa. Misali, kafin ƙaramar Sallah ka sayi turmi 20 a hannunsa, kuɗi hannu, ko ka tura masa teloli da ka sani. A nan za ka ga yadda yake riƙe lissafi da alkawari kafin maganar jari ta sake tasowa.

Ka kuma riga shi sanar da yayanka, don kada ya ji a bakin wani.