Auna 'yan nazare da ido, ba da maki ba

"Assalamu alaikum malamai. An ba ni ajin 'yan shekara 3 zuwa 4, an ce bana babu jarrabawa babu maki, sai dai mu lura da yaro mu rubuta matakin da ya kai. Yaya ake yi? Ina tsoron kada abin ya zama shaci-faɗi."

Wa'alaikumus salam Malama. Shekarata 11 a ajin ƙanana, kuma abin da ya raba ni da shaci-faɗi shi ne rubuta abin da idona ya gani, da kwanan wata, kafin in yanke hukunci. Matakai uku kawai nake amfani da su: ya fara, yana yi da taimako, yana yi shi kaɗai.

Bari in ba ki misali da ƙirga, don nan aka fi ruɗar mu. Na taɓa samun wata yarinya da ke rera 1 zuwa 20 tiryan-tiryan, a jarrabawa da ta cinye maki duka. Na zuba murafun kwalba a tabarma, na ce, "Ba ni biyar." Sai ta dumbuzo cikin hannu ta miƙo mini. Ashe waƙar ta haddace, ba ta san kowace lamba abu ɗaya take nufi ba. Na rubuta haka, na sa mata "ta fara". Bayan wasu makonni tana taɓa murafun ɗaya bayan ɗaya idan na jera mata su, amma in na ce "Nawa ke nan?" sai ta sake ƙirgawa daga farko. Wannan shi ne "da taimako". Ban ba ta mataki na uku ba sai da na ga ta ɗebo biyar ta tsaya, a ranaku uku daban-daban, har da ranar da take raba wa ƙawayenta kofuna ba ta san ina kallo ba. Gani ɗaya ba ya isa, domin yaro kan dace, ko ya kwaikwayi na kusa da shi.

Kada ki ce za ki lura da aji duka lokaci guda. Idan yaranki 30 ne, ki ware biyar kowace rana, cikin kwana shida kin zagaye su.

Ki kuma rubuta shekarun kowa da watanni. Ɗan shekara 3 da wata 2 ba sa'an ɗan shekara 3 da wata 11 ba ne, ko da benci ɗaya suke. Wanda ya yi shiru kuwa, ki sake gwada shi da Hausa, bayan ya ci abinci. Na sha zaluntar yara a nan kafin in gane Turancin ne ya tsare su, kuma har yau abin yana damuna.

Iyaye za su tambaye ki, "Na nawa ya zo?" Ki buɗe littafinki ki karanta musu abin da yaron ya yi da ranar da ya yi shi, sannan ki ce a gida a riƙa aikensa ya ɗebo cokali huɗu ko albasa uku.