Na cika taken shafina da imoji amma Google ya share su, me ya faru?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano, ina da shafi a WordPress. Na rubuta take kamar haka "🔥🔥 Turaren Wuta na Maiduguri ⭐⭐⭐⭐⭐ Mai Ƙamshi ✅ Saya Yanzu" amma da na duba a Google babu wuta babu taurari, rubutu ne zalla. Ga wata mai irin sana'ata nata yana fitowa da taurari. Hukunta ni aka yi ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki ba wanda ya hukunta ki, shafinki bai sauka ƙasa saboda imoji ba, kuma da sun fito ma ba za su ɗaga shi sama ba. John Mueller na Google ya taɓa yin bayanin nan a 2022, cewa mutum zai iya sa imoji a take da bayanin shafi amma ba duka suke nunawa ba, musamman in sun ga abin zai rikita sakamakon bincike ko zai yaudari mai dubawa. Dama tun 2015 sun taɓa kwashe su daga sakamako, sai a 2017 suka dawo da su da sharaɗin sai inda suka dace da abin da ake nema. Kin ga kenan take naki ne kina rubuta abin da kika so, amma abin da zai fito a allon mai bincike su ke yanke shi.

Kafin mu ɗora wa Google laifi dai ki fara duba gida, don sau da yawa imojin bai ma isa wajensu ba. Ki buɗe shafin a kwamfuta ki danna Ctrl+U, rubutun cikin shafin zai fito, sai ki nemi layin da ya fara da `<title>`. In kin ga wutarki da taurarinki zaune a wurin lafiya lau, to Google ne ya cire. In kuma alamar tambaya kika gani ???? ko taken ya yanke daidai inda imojin farko yake, to matsalar rumbun ajiyar shafinki ce, tsohon tsarin MySQL da ake kira utf8 bayit 3 kawai yake ɗauka wa kowane harafi, shi kuwa imoji irin 🔥 bayit 4 yake ci, sai an mai da shi utf8mb4. WordPress ya fara yin wannan gyaran da kansa tun fitowar 4.2 a 2015, amma shafin da aka yi ta kwasowa daga wannan saba zuwa waccan yakan zo da tsohon tsari. Sai nau'i na uku wanda mu masu rubuta Hausa ya fi damunmu, ki ga ƙ ta koma Æ™ ko ɗ ta koma É— ko alamar naira ₦ ta zama â‚¦, wannan shafin ne bai faɗa wa burauza irin rubutun da yake amfani da shi ba. Ki sa mai kula miki da shafin ya tabbatar wannan layin yana can sama cikin `<head>`:

```html
<meta charset="utf-8">
```

To mu koma kan taurarin nan biyar, don ina kyautata zaton su suka fi ja miki. Taurarin da kika gani ƙarƙashin shafin waccan baiwar Allah ba rubuta su ta yi a take ba. Masu saye ne suka ba kayanta maki, shafinta kuma ya miƙa wa Google makin ta wata hanya daban da ake kira `AggregateRating` a ƙarƙashin `Product`, shi ya sa za ki ga suna fitowa a layinsu daban da lamba kamar 4.6 da adadin waɗanda suka yi sharhi. Ke kuwa da kika jera ⭐ biyar da hannunki, a idon Google kamar mai kaya ne ya buga wa kansa hatimin hukuma, haka ma ✅ don tana kama da alamar an tantance. Irin waɗannan su ake fara sharewa. In kina son taurari na gaske kuma da WooCommerce, manhajar shago ta WordPress, kike sayarwa, ki kunna sharhin masu saye a kan kowane kaya, ki riƙa roƙon kwastomominki su rubuta bayan kaya ya isa, amma ko an yi hakan ma ba dole ne Google ya nuna ba.

Akwai wata asarar da ba ki lura da ita ba, wato wuri. Google ba harafi yake ƙirgawa ba faɗi yake aunawa, a kwamfuta take yana samun wajen fiksel 600, kusan harafi 55 zuwa 60 kenan, kuma imoji ɗaya ya fi harafi faɗi sosai. Da imojinki takwas sun fito, da ƙarshen taken na iya yankewa ya koma ɗigo uku. Sannan tun 2021 Google ya ƙara sa hannu wajen sake rubuta take da kansa in ya ga an cika shi da tarkace, su da bakinsu suka ce kusan kashi 87 cikin 100 ne suke amfani da taken mai shafi, sauran sai su ɗauko babban kanun cikin shafin ko wani rubutu. Ni da ni ce ke ga yadda zan rubuta:

```html
<title>Turaren Wuta na Maiduguri | Daga ₦5,000 | Kano</title>
```

Farashin misali ne na sa, ki sa naki. Kin ga ₦ da | alamomi ne su ma amma aiki suke yi, ɗaya tana faɗin kuɗi ɗaya tana raba magana, irinsu da % da & ba a cika taɓa su ba, sai dai wani lokaci Google ya mai da | ta koma gajeren layi, wannan ba komai ba ne.

Ba wai na ce imoji ba shi da amfani ba ne. A taken bidiyon YouTube yana fitowa yadda kika sa shi, haka in an tura mahaɗin shafinki a WhatsApp ko Facebook, don su `og:title` suke karantawa, kuma manhajojin da ake ƙara wa WordPress irin Yoast ko Rank Math suna ba ki akwati daban na wannan. To can ki zuba wutarki, na Google ki bar shi fes. In ma kina son gwadawa a Google ɗin, ki sa guda ɗaya tak a cikin bayanin shafi wanda ya dace da maganar, kamar 🚚 kusa da "muna kaiwa har gida", in an cire jimlar ba ta lalace ba. Abin da nake hanawa shi ne imoji ya maye gurbin kalma, ki rubuta "muna kaiwa har 🏠" a share gidan a bar ki da magana rabi. Haka waɗancan haruffan ado masu kauri da ake kwafowa daga shafukan gyara rubutu, ba haruffan gaske ba ne alamomin lissafi ne, babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo tana shan wahala da su. A tallan Google Ads kuwa kar ma ki fara, dokarsu ta hana imoji a rubutun talla.

Yadda za ki san ko gwajin ya biya, ki shiga Search Console, dandalin Google na masu shafi, ki sa adireshin shafin a URL Inspection ki danna Request indexing, ki ba shi kwanaki, don kafin Google ya sake ziyarta tsohon take zai ci gaba da nunawa. Bayan kwana 28 ki je Performance ki kwatanta da kwana 28 na baya. A ce da an nuna shafin sau 2,000 an danna 40, kashi 2 kenan, yanzu an nuna 2,100 an danna 63, kashi 3, to ya yi kyau amma ki leƙa Average position tukuna, in daga na 8 ya hau na 5 to hawan ne ya kawo dannawar ba imojin motar ba. Kuma kar ki yi gwajin gab da Sallah, lokacin ko me kika rubuta turare zai tafi.