Saƙon dubiya daga Jidda zuwa ƙauye

"Malam, ina aiki a wani shagon kayan gini a Jidda. Abokin aikina, wanda ya girme ni har nake ce masa Yaya, ya tafi hutu ƙauyensu a ƙasar Ringim, sai na ji yana kwance sati uku ke nan. Bai faɗa mini abin da ke damunsa ba. Me zan rubuta masa da ba zai zama bin diddigi ba, kuma ta ina zan taimaka?"

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da wannan zumunci. Ka fara da cire tambayar "me ya same ka?" daga saƙon. A wajenmu ana cewa "ya jiki?" a amsa "da sauƙi", ko da mutum ba ya iya tashi zaune, kuma mai dubiya ba ya tona abin da ke bayan amsar. Akwai ciwon da magidanci ba ya son ambata, kamar na mafitsara ko basir. In yana son ka sani, da bakinsa zai faɗa.

Ka aika saƙon murya ta WhatsApp, kada ya wuce minti ɗaya, ka bar kiran bidiyo, don ba kowa ke son a gan shi a rame kan tabarma ba. Ka kuma tuna wayar mai yiwuwa tana hannun mai jinya, matarsa ko ƙanensa, kuma za a kunna saƙon ne a gaban 'yan dubiya. Saboda haka kada maganar bashi ko albashi ta shiga ciki. Jidda ta riga Najeriya da awa 2, kenan saƙon da ka tura bayan sallar asuba zai same su da tsakar dare. Ka bari sai hantsi ya yi a gida. Ga yadda zan faɗa in ni ne:

"Assalamu alaikum Yaya. Ya jiki? Labari ya iso mana, duk 'yan shago suna gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Kada ka wahalar da kanka wajen amsawa. Aikinka muna riƙe da shi. Abu ɗaya nake so: a turo mini hoton bizar fita da dawowarka, zan bi maganarta wajen kafili. A gaida mai jinya da su Baba."

Kalmar "in kana buƙatar wani abu ka faɗa" ba ta cikin saƙon, kuma da gangan na bar ta. Kunya ba za ta bar babba ya roƙi ƙanensa ba, zai ce "ba komai" alhali kuɗin magani ya ƙare. Ka ambaci takamaiman abin da za ka yi masa, shi kuma ya ce to.

Maganar biza ita ce taimakon da duk dangin da ke zagaye da shi ba za su iya yi ba sai kai. Bizar da ya fita da ita tana da ranar ƙarshe ta dawowa, kuma in ta wuce ba za a bar shi ya hau jirgi da ita ba. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, shi ne ke iya tsawaita ta ta shafin intanet na Absher ko Muqeem, ko da ma'aikaci yana waje, a biya kuɗin ƙarin, matuƙar iƙamarsa, wato izinin zamansa a Saudiyya, na da sauran kwana. Don haka ka duba ranaku biyun. A ce bizar za ta ƙare 20 ga Oktoba, iƙama kuma sai Fabrairu, to akwai sarari, amma ka je wa kafili tun farkon Oktoba. In ya nemi takardar likita, ka nemi izinin Yayan naka tukuna, ta tafi wajen kafili kai tsaye, kada ta bi ta zauren 'yan shago.

Kuɗi kuwa, ka tura ba tare da shawara ba, ka ce "ga na lemo", ta hannun wanda shi ya amince da shi, a cira wajen mai POS. In ciwon ya faɗo lokacin girbi, ka tambayi ƙanensa ko an yanke geron. Na ga mara lafiya da hankalinsa bai kwanta ba sai da aka ce masa an biya 'yan ƙwadago, dammuna sun shiga rumbu.

Kada ka aika sunan magani ko na mai magani, wannan na likitansa ne. In bai amsa ba, ka ba shi kwana huɗu ko biyar, sannan ka kira ƙanen ka ji yadda ya kwana.